Me ya sa farashin takardar lamuni ke faɗuwa idan kuɗin ruwa ya tashi?

Wani abokina ya sayi takardun lamuni na gwamnatin tarayya da kuɗin sallamarsa daga aiki. Bayan wani lokaci buƙata ta taso, ya kira dillalinsa ya ce a sayar masa da wani kaso. Da aka faɗa masa farashin da kasuwa za ta biya, sai ya zo wurina da wayarsa a hannu, yana nuna mini saƙon, ransa a ɓace. Ya ce: "Malam, gwamnati ba ta taɓa fashin biyana ko sau ɗaya ba. To ina kuɗina suka tafi?" Babu wanda ya cuce shi. Abin da ya faru shi ne kuɗin ruwa ya tashi a kasuwa bayan ya saya. Wannan lissafi ne da duk mai riƙe da irin takardar nan ya kamata ya iya yi da kansa tun kafin ya saya, kuma shi ne tambayar da ake yawan yi wa ɗaliban harkar kuɗi a jarrabawa.

Takardar lamuni alkawari ce a rubuce. Ka ba gwamnati ko kamfani bashi, su kuma suka yi alkawarin abu biyu: za su riƙa biyanka wani adadi tsayayye lokaci-lokaci, wanda 'yan kasuwa ke kira kufon, sannan ranar da wa'adi ya cika su maido maka uwar kuɗinka. A Nijeriya, Ofishin Kula da Basussuka ne ke fitar da takardun gwamnatin tarayya, kowace guda a kan naira 1,000, kuma ana biyan kufon sau biyu a shekara. Abin lura shi ne alkawarin ba ya motsi. Takardar da aka rubuta wa kashi 12 cikin ɗari, naira 120 za ta riƙa bayarwa a shekara har ranar ƙarshe, ko kasuwa ta yi sama ko ta yi ƙasa. Tunda kufon ba ya canzawa, uwar kuɗi ma ba ta canzawa, abu ɗaya ne ya rage da zai iya motsawa idan yanayi ya sauya, shi ne farashin da wani zai yarda ya saya daga hannunka.

Ka ɗauka kana da shago, ka ba ɗan haya a kan naira dubu 120 a shekara, kuka rubuta yarjejeniyar shekara goma wadda ba ta tashi. Sai unguwar ta bunƙasa, shaguna irin naka suka koma dubu 150. Idan za ka sayar da shagon tare da yarjejeniyar, mai saye zai rage maka kuɗi, domin ya san duk shekara zai yi rashin dubu 30 da maƙwabtansa ke samu. Idan shekara ɗaya ta rage wa yarjejeniyar, ragin kaɗan ne. Idan tara suka rage, sai ya rage da yawa.

Ga tambayar yadda ake kafa ta. Akwai takardu masu uwar kuɗi naira 1,000. Kuɗin ruwan kasuwa na kashi 12 cikin ɗari, sai ya tashi zuwa 15. Nawa kowace takarda za ta koma? Don sauƙin lissafi, za mu ɗauka sau ɗaya ake biyan kufon a shekara, daga baya mu gyara.

Mu fara da mai kufon kashi 12 wadda shekara uku suka rage mata. Lokacin da kasuwa ke kan 12, farashinta 1,000 ne cif, domin abin da take bayarwa daidai yake da abin da sabuwar takarda ke bayarwa. Yanzu kasuwa ta koma 15. Mai saye zai tambayi kansa: naira 120 da zan karɓa baɗi, nawa take a yau? Wato nawa zan zuba yau a kan kashi 15 ya zama 120 bayan shekara? Sai ya raba 120 da 1.15, ya sami 104.35. Naira 120 ta shekara ta biyu za a raba ta da 1.15 sau biyu, wato da 1.3225, ta ba da 90.74. A shekara ta uku kufon da uwar kuɗi ne ke zuwa tare, 1,120, a raba da 1.15 sau uku, wato da 1.5209, a sami 736.42. Idan aka haɗa ukun, farashin ya zama kimanin naira 931.50. Takardar ta sauka da naira 68.50, wato kashi 6.85 cikin ɗari.

Ina son mai karatu ya gwada wannan adadi ta baya, domin nan ne mutum ke gamsuwa cewa ba dillali ne ya ƙirƙiro shi ba. Ka zuba 931.50 a kan kashi 15. Bayan shekara ya zama 1,071.23, ka cire 120, saura 951.23. Shekara ta biyu ya zama 1,093.91, ka cire 120, saura 973.91. Shekara ta uku ya zama 1,120 daidai, ka kwashe, ba ko kwabo da ya rage. Ma'ana, wanda ke da 931.50 a aljihunsa zai iya samar wa kansa ainihin abin da takardarka ke bayarwa ta hanyar zuba kuɗin a sabon farashin kasuwa. To don me zai ba ka 1,000?

A taƙaice ana rubuta lissafin haka, inda P ke nufin farashi, C kufon na shekara, F uwar kuɗi, r kuɗin ruwan kasuwa, n kuma shekarun da suka rage:

```
P = C/(1+r) + C/(1+r)^2 + ... + (C+F)/(1+r)^n
```

Yanzu mu tsawaita wa'adi, mu bar komai yadda yake. Kufon 12, amma shekara goma suka rage. Kufon goman, idan aka maido kowanne darajarsa ta yau a kan kashi 15, sun haɗu 602.25. Uwar kuɗin kuwa, wadda sai an jira shekara goma, darajarta ta yau 247.18 ce kawai. Jimla kimanin 849.44. Faɗuwar ta kai kashi 15 cikin ɗari, fiye da ninkin ta mai shekara uku, alhali gwamnati ɗaya ce ta ci bashin, kufon ɗaya ne, tashin kuɗin ruwan ma ɗaya ne. Dalilin shi ne na shagon nan: giɓin naira 30 a shekara tsakanin 120 ɗinka da 150 da sabuwar takarda ke bayarwa, a nan sau goma za a jure shi, can kuwa sau uku.

Amma a nan akwai wani abu da mutane da yawa ba sa tsammani. Idan mai shekara goma ta faɗi da kashi 15, za ka zaci mai shekara ashirin za ta faɗi da 30. Ba haka ba ne. Mai ashirin tana komawa 812.22, faɗuwar kashi 18.8. Mai talatin 803.02, kashi 19.7. Ko da takardar ba ta da ranar ƙarewa sam, tana biyan 120 har abada, farashinta 120 a raba da 0.15 ne, wato 800. Kenan a wannan misali faɗuwar ba za ta taɓa wuce kashi 20 ba komai tsawon wa'adi. Abin da ya jawo haka, giɓin naira 30 na shekara ta ashirin da biyar bai kai naira ɗaya ba a darajar yau, don haka ƙara shekaru can nesa ba ya ƙara ciwo sosai. Babban tsalle yana tsakanin gajeren wa'adi da matsakaici. Wanda ya bar takardar shekara uku ya koma ta goma ya ɗauki ƙarin haɗari fiye da wanda ya bar ta goma ya koma ta talatin. Wannan siffa ta fi bayyana a kasuwa irin tamu da kuɗin ruwa ke da yawa. A ƙasashen da yake kashi biyu ko uku, kuɗin nesa ba ya narkewa da sauri haka, shi ya sa dogayen takardunsu ke shan dukan da ya fi wannan idan kuɗin ruwa ya tashi.

Sai batun kufon, kuma a ganina nan ne tambayar ta fi daɗi, domin nan ake kayar da ɗalibai. Mu tsayar da wa'adi a shekara goma, mu kawo takardu biyu: ɗaya kufon kashi 6, ɗaya kashi 18.

Tun kafin kuɗin ruwa ya motsa, farashinsu ba 1,000 ba ne. Lokacin da kasuwa ke kan 12, mai biyan 60 a shekara tana biyan ƙasa da kasuwa, don haka a kan ragi ake sayar da ita, 660.99. Mai biyan 180 kuwa ta fi kasuwa, sai an ɗora mata, 1,339.01. Duk wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu a wannan farashi ya riƙe har ƙarshe, kashi 12 zai samu a shekara. Saboda haka babu ma'ana a ce mai babban kufon ta fi riba. An riga an caje ka kuɗin kufon ɗin a cikin farashi.

Kasuwa ta tashi zuwa 15. Mai kashi 6 ta koma 548.31, ta rasa naira 112.68. Mai kashi 18 ta koma 1,150.56, ta rasa naira 188.45. Wanda ya dubi naira kawai zai ce mai babban kufon ce ta fi jin jiki. Amma ka auna da abin da kowa ya zuba. Naira 112.68 daga cikin 660.99 kashi 17 ne cikin ɗari. Naira 188.45 daga cikin 1,339.01 kashi 14 ne. Idan mutum biyu kowa ya zuba miliyan ɗaya, mai ƙaramin kufon ya yi asarar kusan dubu 170, mai babba kusan dubu 141. Mai kashi 12 da muka lissafa a baya tana tsakiyarsu da kashi 15. Takardar da ba ta biyan kufon ko kaɗan, sai dai 1,000 a ƙarshen shekara goma, ita ce ta fi kowa shan wuya: daga 321.97 zuwa 247.18, faɗuwar kashi 23.

Dalili ɗaya ne da na wa'adi, ta wata ƙofa kawai ya shigo. Mai babban kufon tana maido maka kaso mai tsoka na kuɗinka da wuri, kana karɓa kana sake zubawa a sabon farashi mai kyau. Mai ƙaramin kufon ta tara yawancin darajarta a uwar kuɗin da ke can ƙarshe, kuma kuɗin nesa ne tashin ruwa ya fi ragewa daraja. Ashe wa'adi da kufon duk tambaya ɗaya suke amsawa: a matsakaici, tsawon wane lokaci za ka jira kafin kuɗinka su dawo hannunka?

Masu harkar sun mayar da wannan tambaya lamba ɗaya da suke kira diyureshan. Takardarmu mai kashi 12 da shekara goma, matsakaicin lokacin dawowar kuɗinta, idan aka auna kowane biya da nauyinsa a darajar yau, shekara 6.33 ne, ba goma ba. Idan aka raba wannan da 1.12 sai a sami 5.65, kuma wannan lamba ce ake aiki da ita: duk tashin kuɗin ruwa da maki ɗaya, farashi zai sauka da kusan kashi 5.65. Dillalin kirki zai iya faɗa maka wannan lamba idan ka tambaya, kuma ni ina ganin ta fi amfani ga mai saye fiye da kufon da ake tallatawa.

Sai dai awon kiyasi ne, kuma yana da iyaka. A misalinmu tashin maki uku ne, uku sau 5.65 ya ba da kashi 16.95, alhali ainihin faɗuwar 15.06 ce. Kiyasin ya zarce. Idan kuma aka juya, kuɗin ruwa ya sauka daga 12 zuwa 9, takardar za ta koma 1,192.53, ƙarin kashi 19.25, kiyasin ya gaza. Wato tashi da saukar ba su daidaita ba: motsi iri ɗaya, amma ribar saukar ruwa ta fi asarar tashinsa. Ga ƙaramin motsi, kamar rabin maki, diyureshan ya wadatar. Ga babban motsi irin wanda muka gani a Nijeriya, gara a zauna a yi cikakken lissafi.

Motsin kuwa ba ƙarami aka yi ba. Ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya yana kan kashi 11.5 a farkon 2022. A watan Mayu na shekarar aka fara ɗaga shi, ya kai 18.75 a Yulin 2023, sannan a cikin 2024 kaɗai aka yi ta ƙari har ya kai 27.5 a watan Nuwamba. A kula, wannan ma'auni ba shi ne r da ake sakawa a lissafin ba. Abin da ake sakawa shi ne ribar da takardu masu irin wa'adin taka ke bayarwa a kasuwa a ranar, kuma ta dogayen takardu ba ta bin ma'aunin banki maki da maki, domin tana ɗauke da hasashen masu zuba jari game da hauhawar farashi na shekaru masu zuwa. Amma alkiblar ɗaya ce, kuma duk wanda ya sayi doguwar takarda kafin wannan zamani ya nemi sayarwa a tsakiyarsa ya ga abin da abokina ya gani.

Wanda ya sayi sukuk don guje wa riba shi ma lissafin ya shafe shi. Tsarin sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017, haya ce ake biya a kan kadara, ba ruwa a kan bashi ba, kuma wannan bambanci ne na gaske ta fuskar shari'a. Amma kuɗin hayar tsayayye ne, wa'adin ma tsayayye. Idan sabon sukuk ya fito da haya mafi tsoka, mai sayen tsohon daga hannunka zai nemi ragi, kamar dai mai sayen shagon nan.

Abokina ya tambaye ni: idan ya fasa sayarwa fa? Idan ya riƙe har wa'adi, kuma mai bashin ya cika alkawari, 1,000 ɗinsa za ta dawo cif. Farashin da kansa yake rarrafowa zuwa ga uwar kuɗi yayin da rana ke matsowa. Mun ga haka a lambobinmu: a kasuwar kashi 15, takarda mai kufon 12 tana 849.44 in saura shekara goma, 931.50 in saura uku, 973.91 in saura ɗaya. Amma ba na son a ɗauki wannan a matsayin cewa babu asara. Mai riƙewa yana karɓar 120 a lokacin da wasu ke karɓar 150 a kan kuɗi ɗaya, shekara bayan shekara, kuma naira 150.56 da kasuwa ta zabge daga farashin ba komai ba ce illa wannan giɓi da aka tara aka maido darajar yau. Ko ka sayar ka ji zafin lokaci ɗaya, ko ka riƙe ka ji shi kaɗan-kaɗan. Abin da riƙewa ke saya maka shi ne yiwuwar kuɗin ruwa ya sake sauka, da kuma damar sake zuba kufon ɗin a farashi mai kyau. Shi ya sa abin da ya dace a duba tun farko shi ne ranar da za a buƙaci kuɗin. Kuɗin makarantar da za a biya nan da shekara biyu ba su da abin yi a takardar shekara goma sha biyar. Ga irin wannan akwai takardar tanadi ta gwamnatin tarayya mai wa'adin shekara biyu ko uku, wadda ake biyan kufon ɗinta duk wata uku.

Ba ƙananan masu saye kaɗai wannan ke kamawa ba. Bankin Silicon Valley na Amurka ya zuba ɗimbin ajiyar mutane a dogayen takardu lokacin da kuɗin ruwa ke kusa da sifili. Babban bankin ƙasar ya fara ɗagawa a Maris 2022, cikin shekara guda ya haura kashi huɗu da rabi. Takardun ba su lalace ba, ana biyansu. Amma da masu ajiya suka fara cire kuɗi, dole bankin ya sayar kafin wa'adi. Ya sayar da takardun kusan dala biliyan 21 a kan asarar kusan biliyan 1.8, labarin ya fita, jama'a suka yi rububin kwashe kuɗinsu, hukuma ta rufe bankin ranar 10 ga Maris 2023.

Kura-kurai biyu nake yawan gani wajen masu yin lissafin da kansu. Na farko, a raba kufon da farashi a ce ita ce ribar. Naira 120 a kan 849.44 kashi 14.13 ne, ba 15 ba. Ragowar tana fitowa ne daga naira 150.56 da mai saye zai ci ranar da aka biya shi 1,000 a kan abin da ya saya 849.44. Na biyu, mantawa da cewa takardun gwamnatinmu sau biyu ake biyansu a shekara. Gyaran ba wuya: a raba kufon biyu, a raba kuɗin ruwa biyu, a ninka yawan lokutan. Mai shekara goma ta zama biya ashirin na naira 60 a kan kashi 7.5. A Excel ko Google Sheets layi ɗaya ne:

```
=-PV(0.15,10,120,1000)
=-PV(0.075,20,60,1000)
```

Layin farko zai ba ka 849.44, na biyu 847.08. Bambancin naira biyu da 'yan kwabbai ne a kowace takarda, amma ga mai takardu dubu goma ya haura naira dubu 23.

Wannan lissafi yana aiki daidai ne a ranar biyan kufon. Idan aka sayar a tsakiyar zango, mai saye zai ƙara wa mai sayarwa kason kufon da ya taru tun biyan ƙarshe. Wata uku bayan biya, a takarda mai ba da 60 duk wata shida, kimanin naira 30 kenan a kan farashin da aka ambata. Da muka sake duba saƙon abokina, wannan kaso yana can a layi na daban, bai lura da shi ba. Ya rage yawan abin da zai sayar zuwa iya abin da buƙatar ta ci, ya bar sauran.